Abinci Mai Gina Jiki Ba Sai Da Nama Ba

'Yan'uwa, a yawancin ƙauyukanmu lokacin da aiki ya fi yawa shi ne lokacin da rumbu yake ƙarewa. A damina mutum yakan wuni yana huɗa da noma, ya dawo gida ya tarar da tuwo da miyar kuka kaɗai. Tuwo yana cika ciki, yana kuma ba da ƙarfin aiki. Amma jikin da ya sha aiki yana bukatar abin da zai gyara tsoka, wato furotin. Idan bai samu ba, sai mutum ya rame, ya riƙa gajiya da wuri, rauni ma ya daɗe bai warke ba.

Nawa jiki yake bukata? Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin wajen giram 50 a rana. Idan yana aikin ƙarfi, gara ya samu 70 ko fiye. Mace mai ciki da mai shayarwa su ma suna bukatar ƙari.

Bari mu ɗauki misalin manomi mai kilo 60. Kokon safe da tuwon dawa ko masara da yake ci a rana za su ba shi wajen giram 30. Saura 40 ke nan. Rabin gwangwanin madara na ɗanyen wake, idan an dafa, yana ba da wajen giram 15. Ƙananan busassun kifi cikin tafin hannu ɗaya suna ba da wajen 12. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya wajen 7, dafaffen ƙwai ɗaya kuma 6. Idan muka haɗa, mun sami 40 daidai, ba tare da an je wurin mahauci ba. Ranar da babu ƙwai ko kifi, sai a ƙara wake ko ƙuli-ƙuli.

Wake ne ginshiƙi a wannan lissafi. Furotin da ke cikin hatsi bai cika ba, akwai abin da ya yi masa ƙaranci, wake kuwa yana da shi da yawa. Shi ya sa koko da ƙosai, ko shinkafa da wake, ko dafa-dukan masara da wake suka fi hatsi kaɗai amfani. Idan wake yana kumbura ciki, mu jiƙa shi tun dare, mu zubar da ruwan, mu dafa da sabon ruwa har ya yi laushi. Wannan yana rage cin itace. Kada mu cika kanwa, domin tana lalata wasu sinadarai masu amfani.

Gyaɗa tana da furotin da mai. Ƙuli-ƙuli ya fi ta furotin, tunda an matse man. Mu daka shi mu zuba a miya ko a kunun yara. Sai dai mu yi hankali: gyaɗar da ta yi funfuna, ko ta baƙanta, ko tana ɗaci, tana iya ɗaukar guba mai cutar da hanta. Suya ba ta kashe wannan guba. A tsince irin wannan gyaɗa a zubar, kada a ba yara, kada ma a ba kaji.

Ƙananan kifi kuwa, amfaninsu shi ne ana cin su har da kai da ƙaya, kuma ƙayar tana ƙarfafa ƙashi. A wanke yashi, a shanya, a daka, a riƙa zuba cokali biyu ko uku a miya. Ƙwai kuma a dafa shi sosai. Kada mu kai duka kasuwa. Mu bar wa gida ko da kaɗan. Maganar cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo ba gaskiya ba ce.

Babbar asararmu tana faruwa ne da kaka. Mukan sayar da wake da araha don tsoron ƙwari, da damina mu saye shi da tsada. Idan wake ya bushe sosai, muka zuba shi a buhu mai leda biyu a ciki, ko a jarka mai tsabta da aka cika aka rufe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin za su mutu ba tare da magani ba. Kada mu zuba maganin feshi a waken da za a ci. Gida mai mutum shida yana cin wajen gwangwani uku a rana, don haka tun kafin a kai kasuwa mu ware na watannin damina.

Idan muka ga ƙafafun yaro sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zuba, abin ya wuce gyaran miya. A kai shi asibiti ranar nan.