Fayil ɗin zip mai kalmar sirri: abin dubawa kafin a buɗe

A ce kana riƙe da lissafin wani kamfanin sayar da kayan gini, sai ga imel da sunan dillalin da kuka saba hulɗa da shi. An liƙa masa fayil mai suna `Invoice.zip`, a ƙasa kuma an rubuta cewa kalmar sirrin buɗe shi ita ce 4471. Mutane da yawa kan ɗauki wannan a matsayin alamar tsaro. A ganina nan ne wurin da ya kamata gaban mutum ya faɗi.

Zip jaka ce da ake cusa fayiloli a ciki. Kafin saƙo ya iso gare ka, kamfanin imel yana leƙa jakar don neman ƙwayar cutar kwamfuta. Idan aka kulle ta da kalmar sirri, manhajar binciken sau da yawa ba ta iya karanta abin da ke ciki, sai ta bar shi ya wuce. To, wanda ya turo jakar tare da mabuɗinta a saƙo guda, daga wa yake ɓoye kayan? Duk wanda ya ga saƙon ya ga mabuɗin. Na'urar bincike kaɗai aka rufe wa ido.

Matakin farko shi ne ka sa kwamfutarka ta riƙa nuna cikakken sunan fayil, domin Windows yana ɓoye wutsiyar sunan sai an umarce shi. A Windows 11, buɗe File Explorer, shiga `View`, sannan `Show`, ka sa alama a `File name extensions`. Kafin a yi haka, fayil mai suna `Invoice.pdf.exe` zai fito maka a matsayin `Invoice.pdf`, har da hoton takarda a jikinsa. Wutsiyar ƙarshe ita ce gaskiyar fayil. Idan ka leƙa jerin abin da ke cikin zip, ba tare da ka latsa komai ba, ka ga `.exe`, `.js`, `.vbs`, `.scr`, `.bat` ko `.iso`, ka tsaya nan. Ba mai turo takardar kuɗi a irin waɗannan. Akwai guda mai wayo, `.lnk`, wadda ba ta bayyana ko da ka kunna nuna wutsiya. Ita sai ka duba layin `Type`. In ka ga `Shortcut`, share shi.

Yanzu a ce abin da ke cikin jakar takardar Word ce ko ta Excel. A nan macro ke shigowa, wato ƙaramin shiri da ake dasawa cikin takarda don ya yi aikin da ake yawan maimaitawa. Akantoci na amfana da shi ƙwarai, amma yana iya sauko da wata manhaja daga intanet ya kunna ta. Ta hanyar macro ƙwayar Melissa ta bazu a 1999, haka ma Emotet ta shafe shekaru tana shiga ofisoshi. Wutsiya mai ƙarewa da harafin m, kamar `.docm` da `.xlsm`, tana nufin takardar za ta iya ɗaukar macro. Tsofaffin `.doc` da `.xls` su ma suna ɗauka, kuma ba alama a sunansu.

Irin wannan takarda takan buɗe da rubutu dishi-dishi, da sanarwa a tsakiyar shafi cewa sai ka latsa `Enable Editing` da `Enable Content` kafin ka iya karantawa. Ƙarya ce. Takardar kuɗi ba ta buƙatar macro kafin a karanta ta, kuma sanarwar da ke cikin shafin ɓarawon ne ya zana ta da hannunsa.

Tun 2022 Microsoft ya fara toshe macro a fayilolin da suka zo daga intanet, inda jan layi kan fito da `SECURITY RISK`. Kariyar ta dogara ne da tambarin da Windows ke manna wa fayil idan an sauke shi, kuma wasu manhajojin kwance zip ba sa miƙa tambarin ga abin da suka fitar. Shi ya sa ɓarayi suka karkata ga zip. Tsoffin Office irin na 2007 da 2010, da har yanzu ake gani a shagunan buga takardu, ba su da wannan toshiyar. Idan saƙo ya koya maka shiga `Properties` ka zaɓi `Unblock`, yana so ne ka cire tambarin da kanka.

Sunan dillalin da ke saman saƙon bai isa hujja ba, domin ana sace akwatin imel a amsa tsohuwar hira daga cikinsa. Kira shi ta lambar da ke wayarka tun da, kada ka bi wadda ke cikin saƙon, ka tambaye shi ko shi ya turo. In shi ne, ya sake turowa a PDF. Shafin VirusTotal yana gwada fayil da manhajojin riga-kafi da dama, amma abin da ka ɗora a can masu bincike na iya ganinsa, don haka kada ka kai masa takardun albashi ko na kwastomomi. Idan kuwa an riga an latsa, a cire wayar intanet, a kashe Wi-Fi, a sanar da mai kula da kwamfutocin ofis nan take, sannan a canza kalmomin sirri na imel da na banki daga wata na'urar daban.