Me Ya Sa Riga Mace Ce, Gida Kuma Namiji?

Wanda ya tashi a Kano ba ya tsayawa tunani kafin ya ce riga ce, wando ne. Mai koyon Hausa da girmansa kuwa, ko wanda ya tashi inda karin harshen bai cika rarrabe jinsi ba, kamar Bauchi ko zangon Kumasi, sai ya nemi abin dogaro idan zai rubuta daidaitacciyar Hausa.

Wasalin ƙarshe shi ne madogara ta farko. Sunan da ya ƙare da i, e, o ko u galibi namiji ne: littafi, zane, tulu. Mafi yawan sunaye mata kuma da a suke ƙarewa: hula, fitila, kujera. Idan ɗafa-ƙeyar ta fito sarai, kamar -iya, -uwa ko -anya a Bahaushiya, gurguwa da zakanya, babu sauran shakka. Haka sunan wuri mai farawa da ma- ya ƙare da a, irin su makaranta da mahauta, mace ne, alhali kayan aiki irin su mabuɗi namiji ne.

Sai dai ma'ana takan rinjayi wasali. Sunayen garuruwa da na ranakun mako mata ne komai ƙarshensu, shi ya sa ake cewa Kano ta cika, Litinin ta zo. Gwamnati da kotu ma mata ne, kuma nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ana cewa gwamnatin jiha, da -n, domin mahaɗin -r sai sunan mace mai ƙarewa da a yake bi. Amma jimlar ita ce gwamnatin jiha ta ce. Don haka a irin wannan suna, ne da ce ko ya da ta su ne ma'aunin gaskiya.

Inda hasashe ke ƙarewa shi ne sunaye maza masu ƙarewa da a, kuma kalmomin yau da kullum ne: gida, ruwa, nama, suna, wata. Babu ƙa'idar da za ta fitar da su. Dubi wuya: a rubuce kalma ɗaya ce, amma wuyan riga namiji ne, wuyar aiki mace. Sunayen aiki ma haka suke. Masu -wa, kamar dawowa da fitowa, mata ne, amma noma, gyara da nema maza ne, sata kuma mace.

A ganina, hadda a nan ta fi neman dalili, kuma kada a haddace kalma tsirararta. A riƙe ta da mahaɗinta: ruwan sama, naman kaza, noman rani, gyaran mota, satar shanu. Mai karatu, duk sunan da ka ci karo da shi mai ƙarewa da a, ka saurari ko -n yake ɗauka ko -r kafin ka yanke masa hukunci.