Mece ce na'ura mai tari, kuma me ya sa zato ke ƙara mata ƙarfi?

Na'ura mai tari tana karanta haruffa sau ɗaya, tana jibge su, kuma na sama kaɗai take iya cirowa. Iri biyu ce: mai hanya guda, da mai gwada kowane zato.

A ce aikin shi ne gane jerin haruffan da karatunsu gaba da baya ɗaya ne, kamar 0110. Mai zato takan jibge 01, ta ce nan ne tsakiya, sannan ta cire haruffa tana gwadawa da saura. Mai hanya guda ba ta da alamar tsakiya. Wani zai ce ta fara cirewa da zarar ta ga 11. To, bayan 0110 tarinta ya ƙare, alhali 01100110 ma daidai ce, kuma ta manta farkon. Shi ya sa masu tsara harsunan kwamfuta, don su iya amfani da mai hanya guda, ke zaɓar nahawun da ba ya bukatar zato.