Kwaɗon da ya sha damina

A ƙarshen damina ne ake yawan ganin haka: mutum ya je buɗe sito ko shagon da ya yi wata huɗu a rufe, ya zura makulli, kwaɗo ya ce bai san zancen ba. Sai ya ɗauko filaya ya murɗa da ƙarfi, makullin ya karye a ciki. Wannan asarar tana ba ni takaici, domin yawancin irin waɗannan kwaɗuna lafiyarsu ƙalau.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri. Idan ta kama, sai ta kumbura ta toshe ɗan sararin da ƙarfe ke motsi a ciki. Shi ya sa ake bukatar mai marar kauri, wanda zai tsarga cikin tsagar da ido ba ya gani. Na gwangwanin feshi irin WD-40, wanda aka fara haɗawa a San Diego ta Amurka a 1953, yana yi. Idan babu, kananzir ma yana taimakawa. Man gyaɗa da manja kuwa a bar su a madafa, domin suna daskarewa su zama danƙo. Baƙin mai ya yi kauri, ga datti.

Kafin feshi, a gano inda ya cije. Idan makulli yana juyawa amma kwaɗon bai buɗe ba, matsalar tana ramuka biyun da lanƙwasasshen ƙarfen nan yake shiga, inda ruwan sama ke kwanciya. A kankare tsatsar wurin da buroshin waya, a fesa mai ya gangara ciki. Idan kuwa makullin ne ya ƙi juyawa, ƙananan ƙusoshin ciki da sifirin ɗinsu ne suka maƙale. A ɗaga gindin kwaɗon sama, a fesa ta kafar makulli.

Sai a ƙwanƙwasa gefensa da ƙaramar guduma, a hankali kamar mai sallama a ƙofa. Girgizar ce ke tsattsaga tsatsa, mai ya sami hanya. A bar shi minti 20, a dawo a zura makulli a zare sau da yawa, ana goge jan dattin da yake fitowa da shi. Jan nan alama ce mai ya isa wurin. A danna lanƙwasasshen ƙarfen ciki, sannan a jijjiga makulli dama da hagu da yatsu kawai. Idan ya ƙi, a sake fesawa a bar shi ya kwana. Kada a kusanto da wuta, man nan yana kamawa.

Wanda ya kwana biyu yana shan mai, makulli na fitowa fes kuma ko gezau, mai yiwuwa sifirin ɗinsa ya ruɓe, sai zarto. Wanda ya buɗe kuma a goge shi tas, domin ƙurar hunturu na tafe, kuma mai yana riƙe ta. A goga bakin fensir a jikin makulli, a yanko robar tsohon tiyub a rufa wa kwaɗon.