Yadda Ake Ɗaukar Hoton Fasfo Ko Biza Da Waya A Gida, Da Kurakuran Da Ke Sa A Ƙi Karɓarsa

Tun watan Janairun 2024 Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ta sauya tsarin neman fasfo, ta yadda mai nema zai ɗora hotonsa da takardunsa a intanet kafin ya je a ɗauki zanen yatsunsa. Ga wanda ke zaune a Ƙofa, Bebeji, Kiru ko can Doguwa, wannan sauƙi ne, domin zai iya gama fom ɗinsa kafin ya kashe kuɗin mota zuwa ofishin fasfo na Farm Centre a Kano. Inda ake yawan maƙalewa shi ne wajen hoton. A ɗora, shafin ya ƙi karɓa, a sake ɗorawa, har data ta ƙare. Galibi kuma ba wayar ce ke da laifi ba, yadda aka tsaya da yadda aka yanka hoton ne.

Hoton fasfo ba don kyau ake yinsa ba. Na'ura ce za ta auna fuskar, tazarar idanu da tsawon hanci da faɗin haɓa, bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Duk abin da ya sauya wannan awon kuskure ne, kuma babbansu shi ne salfi. Idan waya tana nesan hannu kawai daga fuska, hanci yakan fito da girma, kunnuwa su ɓuya, kafaɗa ɗaya ta ɗaga. Maganinsa shi ne a ba wani wayar, ya yi amfani da kyamarar baya, ya tsaya kamar mita ɗaya da rabi, wayar tana daidai da idon wanda ake ɗauka. Kafin a danna, a kashe Beauty da Portrait. Na farko yana goge tabo da zane, har ya rage faɗin fuska, na biyu kuma yana dusar da gefen kunne da gashi. A kashe tambarin sunan waya da ke fitowa a ƙasan hoto, a kuma goge gilashin kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kansa.

Sai maganar haske. Kwan sola da ke saman kai yana jefa inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, filashi kuma yana sa goshi ƙyalli ya bar inuwa a bango. Gindin darbejiya ma bai dace ba, don hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Wurin da ya fi shi ne cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa da hantsi, mutum yana fuskantar ƙofa, hasken na shigo masa ta gaba. Idan babu farin bango, a ɗaure farin yadi da aka goge sumul, a ja shi sosai. Wanda ake ɗauka ya matso gaba kamar taku biyu daga bangon, inuwarsa sai ta faɗi ƙasa.

Akwai wata matsala da ta fi shafar masu duhun fata. Kyamara tana ganin farin bango sai ta rage haske, fuskar ta fito baƙi ƙirin. Mai ɗauka ya taɓa fuskar a kan allo kafin ya danna, ya ɗan ja alamar rana sama har idanu su fito tar. Farar kaftani ko farin hijabi a gaban farin bango suna narkewa cikinsa, don haka kaya masu duhu sun fi. Ba a hana hijabi ba, amma dole fuska ta fito daga goshi zuwa ƙarƙashin haɓa, ba inuwa a kumatu. Hula dai cire ta ya fi kwanciyar hankali. Baki a rufe, ido a kan kyamara, kai a miƙe.

Yanzu ga lissafin. Kowace ƙasa da ma'auninta, don haka a karanta abin da shafin da ake cikewa ya rubuta. Turai ta yankin Schengen na son milimita 35 a faɗi da 45 a tsawo, bizar Amurka kuwa murabba'i take so. Ta Amurkan ce ta fi fayyace lambobinta, shi ya sa ta dace da misali. A fom ɗin DS-160 ana son hoton JPEG mai launi, daga fiksel 600 × 600 zuwa 1200 × 1200, nauyinsa bai wuce kilobait 240 ba, wanda aka ɗauka cikin wata shida. Tun 1 ga Nuwamba 2016 ba a yarda da tabarau a cikinsa ba, ko da na ƙara gani ne, sai da dalilin likita. Kai kuma, daga haɓa zuwa saman gashi, ya kama kashi 50 zuwa 69 cikin ɗari na tsawon hoton.

A ɗauka wani ɗalibi a Ƙofa ƙanensa ya ɗauke shi da waya mai megafiksel 12, hoton ya fito 3000 × 4000. A manhajar gyaran hoto mai nuna fiksel, sai ya matse akwatin yanka daga haɓarsa zuwa saman gashi, ya ga 900. Yana son kan ya zama kashi 60, tsakiyar abin da aka yarda, sai ya raba 900 da 0.6, ya sami 1500. To murabba'in 1500 × 1500 zai yanka, ya zaɓi 1:1, hancinsa a tsakiya. Bayan haka ya rage shi zuwa 600 × 600. Yanzu kan ya koma fiksel 360, abin da aka yarda kuwa 300 zuwa 414 ne. Idanu ma ana son su kasance tsakanin kashi 56 da 69 daga ƙasan hoto, wato fiksel 336 zuwa 414. Idan sun yi ƙasa, yana nufin an bar fili da yawa a saman kai, sai a sauko da akwatin. Daga nan ya buɗe Details ya duba nauyin, wanda a wannan girman da wuya ya kai 240.

A nan ne ake yin wani kuskure mai ban haushi. Wani ba zai yanka ba, sai ya rubuta 600 da 600 kai tsaye a kan dogon hoto, fuskar ta fito a baje kamar an danne ta. Yanka ake fara yi, rage girma ya biyo baya. Haka nan manhajojin da ke cire bayan hoto su sa fari suna cinye gefen kunne da hijabi, kuma hoton da aka sauya kamanninsa abin ƙi ne. Sake ɗauka ya fi sauƙi.

Wajen tura hoton ga mai kafe, a tura shi a WhatsApp ta Document, domin hanyar da aka saba tana matse shi ta rage ingancinsa. Kada a yi sikirinshot, kada kuma a ɗauki hoton tsohon hoto na takarda. Idan ana buƙatar na hannu, fiksel 600 a ma'aunin 300 dpi yana ba da inci 2 cif, wato milimita 51, kuma guda shida ne ke shiga takardar hoto mai inci 4 × 6. A gaya wa mai wankewa ya kashe Fit to page, sannan a auna da rula tun kafin a bar shagon.