Faɗi An Biya Ki, Sannan Ki Ba Da Labarin Turaren

A ce wata mai mabiya da yawa a Instagram ta karɓi kuɗi daga mai sayar da turaren wuta don ta tallata mata. Fargabarta ɗaya ce: da zarar ta furta cewa biyan ta aka yi, mutane za su wuce. Sai ta cusa #ad can ƙasa cikin tarin alamomi, inda ba mai gani sai wanda ya danna "more". Wannan ɓoyo ne, ko da an yi masa kwalliya.

Wurin bayani shi ne farkon magana. A bidiyo, ta faɗa da bakinta tun daƙiƙun farko, ta kuma rubuta a jikin hoton, domin da yawa suna kallo ba sauti. Ta kunna alamar "Paid partnership" da Instagram ya tanada, amma kada ta tsaya nan. Hukumar FTC ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa alamar manhaja kaɗai ba lallai ta wadatar ba. Mabiyan da ke jin Hausa kuwa, da Hausa ya kamata a gaya musu. Kalmomi irin su "haɗin gwiwa" ko "godiya ga Hajiya" ba su nuna kuɗi ya shiga tsakani ba. Ko kyautar kaya aka ba ta, ya kamata ta ambata.

To ina sanyin tallan yake fitowa? A ganina, ba daga bayanin ba ne. Daga rubutun da mai kaya ta turo ne, wanda ake karantawa kamar sanarwar rediyo: "inganci, rahusa, sai an gwada." Ku saurari wannan kuma:

"Jama'a, wannan talla ne, sun biya ni. Amma sai da na yi sati biyu ina turara shi kafin na yarda. Ƙamshinsa yana kwana a labule. Sai dai idan garwashin ya yi ja sosai yana saurin ƙauri, don haka ku bari toka ta ɗan rufe shi. Mai asma kuma ta yi hattara da hayaƙin."

Jimla ɗaya ta sallami batun kuɗi, sauran duk muryarta ce da abin da ta gani. Wancan ɗan aibin da ta ambata shi ke sa a gaskata yabon, don wanda bai taɓa kayan ba ba zai san shi ba.

Shi ya sa ake fara gyara tun wurin ciniki. Kafin ta karɓi ko sisi, ta gindaya sharuɗɗa: za ta gwada kayan tukuna, za ta yi magana da kalmominta, kuma bayanin biya ba zai fita ba. A Najeriya akwai ƙarin mataki, domin hukumar ARCON, ƙarƙashin dokar 2022, tana buƙatar a tantance talla kafin a sake shi, har da na kafafen sada zumunta. Su daidaita tun farko wa zai kai tallan tantancewa, ita ko mai kayan.