Tallan ragon layya a waya: Yadda ake rage rabin rubutu ba a rasa mai saye ba

Idan Babbar Sallah ta ƙarato, cinikin raguna a masarautar Daura ba ya tsayawa a kara kaɗai. Daga kasuwar Mai'adua da ke ci ranar Lahadi zuwa gidajen masu kiwo a Zango da Sandamu da Baure, matasa na ɗaukar hoton rago su ɗora a WhatsApp da Facebook, mai saye kuma yana can Kano ko Abuja.

Matsalar ita ce dogon rubutu. Waya na gutsure shi ta bar "Read more" a ƙasa, kuma ba kowa ke dannawa ba. Sau da yawa abin da ya ɓuya shi ne farashi.

Ga misalin irin tallan da ake yawan gani, mai kalma 80:

"Assalamu alaikum 'yan uwa masu albarka, barkanmu da warhaka. Ga wani rago na gani na faɗa, ƙosasshe, babu irinsa a kasuwa. Balami ne fari tas, mun yi kiwonsa da kanmu a gida da harawa da dusa har ya shekara biyu. Akwai 'yar tsaga a kunnen hagu amma ba wani abu ba ne. Muna nan Daura, muna kaiwa Kano da Abuja, mai saye zai biya kuɗin mota. Naira 350,000 kacal, akwai ragi. Duk wanda ya saya ba zai yi nadama ba."

Abin da ya fara fita shi ne duk abin da hoto ya riga ya nuna. "Fari tas" da "ƙosasshe" ido na gani, ba sai an faɗa ba. Sai kirari: "na gani na faɗa", "babu irinsa", "ba zai yi nadama ba". Kowane dillali haka yake cewa a kan kowane rago, don haka babu wanda ke yanke shawara da su. Gaisuwa kuwa ba a yar da ita gaba ɗaya, kalma guda ta wadatar.

Inda ake samun kuskure shi ne jimlar kunne. Ita ce mai talla ya fi son gogewa, tunda aibi take faɗa, kuma kalma 12 ta ci. Amma mai sayen ragon layya ba nama kaɗai yake saye ba. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, dabba mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko mai ciwon da ya bayyana, ko ramammiya, ba ta isar wa layya. Tsagar kunne ma tana da iyaka: idan ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, ragon ya fita. Hoton da aka ɗauka ta gefen dama ba zai nuna kunnen hagu ba. In rago ya sauka a Abuja ana gobe Sallah sannan aka ga tsagar, rigimar mayar da kuɗi ce za ta biyo baya, ga kuɗin mota ya riga ya tafi.

Saboda haka ba goge jimlar ake yi ba, gyara ta ake yi. "Ba wani abu ba ne" ra'ayin mai rago ne. "Ba ta kai sulusi ba" awo ne da mai saye zai iya dubawa, ko ya tambayi malaminsa.

Shekaru ma suna zama, domin ana son ragon layya ya cika shekara, kuma girman jiki na yaudara, musamman a Balami da Uda masu tsayi. Wanda ke son gamsar da mai saye sai ya haɗa da hoton haƙoran gaba na ƙasa: manya biyu na farko sukan fito ne tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi.

Ga tallan bayan gyara, kalma 40:

"Salam. Ragon layya, Balami, shekara biyu, kiwon gida da harawa da dusa. Ido da ƙafa lafiya. Tsaga a kunnen hagu, ba ta kai sulusi ba. Naira 350,000, akwai ragi. Yana Daura, ana kaiwa Kano da Abuja, kuɗin mota a kanka."

Rabi ya tafi, amma har an samu gurbin ƙara lafiyar ido da ƙafa, wadda dogon tallan bai ambata ba.

Ana gane an yanke fiye da kima daga saƙonnin da ke shigowa. Idan mutum uku suka tambayi abu guda, "wa zai biya mota?" ko "shekararsa nawa?", to wannan layin ya koma cikin tallan.